Yadda ganye yake ƙera sukari daga iska, ruwa da hasken rana

Idan aka tambayi ɗalibin da ya shigo makarantar sakandare inda tsiro yake samun abincinsa, mafi yawan lokaci zai ce daga ƙasa. Ba za a ga laifinsa ba, domin abin da ido ya nuna masa ke nan: saiwa tana cikin ƙasa, ana zuba wa ƙasa ruwa da taki, tsiro kuma yana girma. Amma amsar ba daidai ba ce, kuma wanda bai rabu da ita ba zai sha wahalar fahimtar fotosintesis, wato hanyar da koren tsiro yake bi ya haɗa wa kansa abinci. Tsiro ba ya tsotsar abinci daga ƙasa. Ƙera shi yake yi a cikin ganyensa, kuma mafi yawan kayan ƙirar daga iska suke fitowa.

Wani masani mai suna Jan Baptist van Helmont, wanda ya rayu a yankin da yanzu ake kira Beljiyam, ya gwada wannan da ma'auni, aka kuma buga sakamakonsa a 1648 bayan rasuwarsa. Ya busar da ƙasa ya auna kimanin kilo 90, ya zuba a tukunya, ya dasa ƙaramar bishiyar wilo mai nauyin kilo 2 da ɗan ɗori. Shekara biyar yana ba ta ruwa kawai, ya kuma rufe bakin tukunyar don kada ƙura ta ƙaru a kan ƙasar. Da ya tumɓuke bishiyar ya auna, sai ya tarar ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa da ya sake busarwa ba ta ragu da abin da ya wuce giram 60 ba. Bishiya ta ƙaru da fiye da kilo 70, ƙasa ta ragu da abin da bai cika tafin hannu ba. Van Helmont ya yanke hukunci cewa ruwa ne ya zama itace. Ya yi daidai da ya wanke ƙasa daga zargi, amma ya bar babban mai ba da gudummawa a baya, saboda a zamaninsa ba wanda ya zaci iskar da ba a gani tana iya zama katako mai nauyi.

A cikin iskar da ke kewaye da mu akwai wani ɗan ɓangare da ake kira kabon dayoksaid, wanda shi ne muke fitarwa idan mun yi numfashi, shi ne kuma yake tashi idan an ƙona itace. Kowane ɗan dunƙulensa, abin da masana suke kira molikul, ya ƙunshi ƙwayar zarra ɗaya ta kabon da biyu na oksijin, shi ya sa ake rubuta shi CO₂. Ruwa kuma H₂O ne, wato haidirojin biyu da oksijin ɗaya. Sukarin da ake kafa misali da shi, gulukos, ya ƙunshi kabon shida, haidirojin goma sha biyu da oksijin shida. Aikin ganye shi ne ya warware waɗancan ƙananan dunƙulaye biyu ya sake ɗaure ƙwayoyinsu a sabon tsari, kuma ana taƙaita aikin gaba ɗaya a layi guda:

```
6CO₂ + 6H₂O → C₆H₁₂O₆ + 6O₂
```

A lura cewa hasken rana ba ya cikin abubuwan da aka ƙirga a wannan layi, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke yin tuntuɓe. Haske ba ya zama sukari. Babu ƙwayar zarra ko ɗaya a cikin gulukos da ta fito daga rana. Abin da haske yake bayarwa shi ne ƙarfin yin aikin, kamar yadda magini yake sa ƙarfinsa ya ɗaga tubali ya jera shi a kan bango ba tare da shi kansa ya zama tubali ba. Kabon dayoksaid da ruwa abubuwa ne da suka riga suka zauna daram, ba sa ci da wuta, ba kuma sa ciyar da jiki. Sukari kuwa yana ci da wuta, yana kuma ba jiki kuzari. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne ƙarfin da aka karɓo daga haske aka adana a sabon tsarin, kuma idan jiki ya sarrafa sukarin da oksijin, ƙarfin ya fito, kayan kuma su koma kabon dayoksaid da ruwa kamar da.

Yana da amfani a mayar da layin nan zuwa nauyin da ake iya aunawa. Don a samu giram 180 na gulukos, ganye yana buƙatar giram 264 na kabon dayoksaid da giram 108 na ruwa, kuma zai saki giram 192 na oksijin. Idan aka tara ɓangaren hagu za a samu 372, na dama ma 372, babu abin da ya ɓace. A cikin giram 180 ɗin nan, 72 kabon ne, 96 oksijin ne, haidirojin kuwa 12 kacal, kuma a lissafin kayan, haidirojin ɗin ne kaɗai gudummawar ruwa. Ke nan fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyin sukarin daga iska ya zo. Abin da ya fi ba ni mamaki a duk lokacin da na sake wannan lissafi shi ne ƙarancin kabon dayoksaid ɗin kansa, domin kimanin kashi 0.04 cikin ɗari ne na iska, wato kusan dunƙule huɗu a cikin kowane dubu goma. Kafin ganye ya tara giram 264, sai ya tace iskar da ta kai kubik mita 350, kwatankwacin iskar da ke cikin azuzuwa biyu, kuma duk wannan don sukarin da bai cika kofi ɗaya ba.

Wannan ne ya sa ganye yake da siffar da yake da ita. Yana da faɗi don ya tari haske, ba shi da kauri don kada iska ta yi doguwar tafiya kafin ta kai inda ake buƙatarta. A fatarsa, musamman ta ƙasa, akwai ƙananan ƙofofi da ake kira sitomata, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma, kuma kowace ƙofa tana da ƙwayoyin halitta biyu masu tsaronta, waɗanda suke buɗe ta idan sun cika da ruwa, su rufe ta idan sun saki. Ta nan kabon dayoksaid yake shiga, ya ratsa guraben iska da ke cikin ganyen, ya narke a danshin bangon ƙwayoyin halitta. Ruwa kuwa saiwa ce take ɗauko shi, ya hau ta siraran bututu har zuwa jijiyoyin da muke gani a jikin ganye. Su biyun suna haɗuwa ne a cikin wasu ƙananan jakunkuna masu launin kore da ake kira kuloroflas, waɗanda ƙwayar halitta ɗaya ta ganye takan ƙunshi gommai daga cikinsu.

A cikin kuloroflas aikin ya kasu mataki biyu, kowanne da wurinsa. Mataki na farko yana faruwa a jikin wasu fallaye da aka jera kamar tarin tsabar kuɗi, inda sinadarin kulorofil yake zaune. Kulorofil yana shanye jan haske da shuɗin haske sosai, kore kuwa ba ya shanye shi kamar su, shi ya sa abin da ya dawo wa idonmu daga ganye yake zama kore. Idan haske ya faɗa wa kulorofil, ƙarfinsa yana fizge wata 'yar ƙwaya mai ɗauke da cajin lantarki, ilektiron, ya tura ta cikin wani jerin sinadarai da suke miƙa ta daga hannu zuwa hannu. Kulorofil ɗin da aka yi wa fizgen ya zama mai giɓi, kuma dole a cike giɓin kafin ya sake aiki. Daga ruwa ake cike shi. Ana tsaga dunƙulen ruwa, a karɓe ilektiron ɗinsa da haidirojin ɗinsa, oksijin kuma ya zama rarar da ba a buƙata a wannan aiki, sai ya fice ta sitomata. Oksijin ɗin da muke shaƙa rarar tsaga ruwa ce.

An daɗe ana zaton oksijin ɗin daga kabon dayoksaid yake fitowa, kuma zato ne mai kama da hankali, tunda shi ne ya shiga da oksijin biyu. A 1941 ne Samuel Ruben da Martin Kamen da abokan aikinsu suka ba wani koren tsiron ruwa mai ƙwayar halitta ɗaya ruwan da aka yi wa alama da wani nau'in oksijin mai ɗan nauyi, sai alamar ta bayyana a iskar da tsiron ya saki. Ɗalibi mai lura zai ƙirga ya ce ruwa shida oksijin shida kawai gare shi, alhali 6O₂ oksijin goma sha biyu ne. Ya yi gaskiya. Ganye yana tsaga ruwa goma sha biyu ne, amma shida suna sake samuwa a cikin aikin, don haka layin da ake rubutawa ragowar lissafi kawai yake nunawa.

Mataki na farko bai samar da sukari ko kaɗan ba. Abin da ya samar abubuwa biyu ne masu ɗaukar kaya zuwa mataki na gaba: ATP, wanda yake ɗauke da ƙarfi kamar ƙaramin batirin da aka yi wa caji, da NADPH, wanda yake ɗauke da ilektiron da haidirojin. Ba sa jure ajiya, ana kashe su ne nan take.

Mataki na biyu yana gudana a cikin ruwa mai kauri da ya kewaye fallayen nan, kuma a nan ne iska take zama abu mai jiki. Akwai wani sinadari mai kabon biyar da yake jira a wurin. Wani sinadarin mai hanzarta aiki, wanda ake kira rubisko, yana kama kabon dayoksaid ɗaya ya liƙa shi a jikin mai kabon biyar ɗin, abin ya zama mai shida, nan take kuma ya rabe gida biyu masu kabon uku-uku. Daga nan ATP da NADPH suke sauke kayansu a kan waɗannan gutsattsarin, su mayar da su ƙaramin sukari mai kabon uku. Lissafin yana da daɗin bi idan aka ɗauki kabon dayoksaid uku a lokaci guda. Masu jira uku suna da kabon 15, an ƙara musu 3, sun zama 18, wato ƙananan sukari shida masu kabon uku-uku. Daga cikin shidan nan ɗaya tak ake fitarwa a matsayin riba. Sauran biyar, masu kabon 15, ana sake tsara su su koma masu jira uku kamar farko, domin idan aka cinye su duka babu abin da zai kama iska ta gaba. Saboda wannan komawa farko ne ake kiran matakin zagayen Calvin, da sunan Melvin Calvin, wanda ya bi sawun kabon a cikin zagayen tare da Andrew Benson da James Bassham, ya kuma samu lambar yabo ta Nobel a 1961. Riba biyu irin wannan su ne suke haɗuwa su ba da gulukos ɗaya.

Wasu littattafai suna kiran wannan mataki aikin duhu, kuma sunan yana ɓatar da ɗalibai su ɗauka da dare ake yinsa. Abin da ake nufi shi ne ba ya amfani da haske kai tsaye. Amma tunda ya dogara da ATP da NADPH waɗanda ba sa samuwa sai da haske, da zarar rana ta faɗi shi ma yakan tsaya cikin ɗan lokaci.

Sukarin da aka samu ba a barinsa zube. Yana narkewa a ruwa, kuma idan ya taru da yawa a ƙwayar halitta zai riƙa janyo ruwa ciki ya dagula mata aiki. Don haka ganye yana sarƙa gulukos masu yawa su zama dogon zare, wato sitaci, wanda ba ya narkewa, ya ajiye shi a matsayin ƙananan ƙwayoyi a cikin kuloroflas da rana, da dare kuma ya warware shi ya yi amfani da shi. Wani kason ana mayar da shi sukuros, irin sukarin da ake tatsa daga rake, a tura shi ta wasu bututu dabam zuwa saiwa, furanni, 'ya'ya da iri, inda ake ci ko a sake ajiye shi. Wani kuma ana saƙa shi ya zama selulos, abin da ake gina bangon ƙwayoyin tsiro da shi, kuma shi ne babban kason itace. Ƙarin kilo 70 na bishiyar van Helmont, idan aka cire ruwan da ke jikinta, babban kasonsa wannan ne. Ban da ruwa, daga ƙasa tsiro yana ɗaukar ma'adinai ne kawai, kamar naitirojin da yake buƙata don gina furotin, da maganiziyam da yake zaune a tsakiyar kowane kulorofil. Nauyinsu kaɗan ne, amma rashinsu yana bayyana a fili, domin tsiron da ya rasa maganiziyam tsofaffin ganyayensa sukan yi rawaya a tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin kuma su rage kore.

Ba sai ɗalibi ya karɓi duk wannan a kan amana ba, domin sitaci yana da alamar da ake gani da ido: idan ruwan aidin, mai launin ruwan ƙasa, ya taɓa shi, yakan koma shuɗi mai duhu kusan baƙi. Ana ɗaukar tsiron da ke cikin tukunya a ajiye shi a wuri mai duhu sosai na awa 48, don ya cinye sitacin da ya riga ya tara. Sannan a naɗe tsakiyar ganye ɗaya da baƙar takarda mai kauri, sama da ƙasa, a manne ta da kyau, a fitar da tsiron rana na awa huɗu zuwa shida. Bayan haka a tsinke ganyen, a cire takardar, a tsoma shi a tafasasshen ruwa na kimanin minti ɗaya, abin da yake kashe ƙwayoyinsa ya kuma buɗe su don aidin ya iya shiga. Sai a sa shi a bututun gwaji mai ɗauke da sinadarin etanol, a tsayar da bututun a cikin ruwan zafi. Dole ne a kashe wuta kafin a kawo etanol kusa, domin yana kamawa da sauri, kuma ba a ma buƙatar wutar, tunda yana tafasa a digiri 78, ƙasa da zafin tafasar ruwa. A hankali etanol zai zama kore, ganyen kuma ya koɗe ya yi fari-fari. A wannan lokaci ganyen yakan yi tauri yana karyewa, don haka a ɗauraye shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, a shimfiɗa shi a farin faranti, a ɗiga masa aidin.

Gefe biyu da suka sha rana za su yi duhu, tsakiyar da aka rufe kuwa ta tsaya launin ruwan ƙasa, har a ga iyakar takardar a miƙe kamar an ja layi. Ganye ɗaya ne, ruwa ɗaya ya sha, iska ɗaya ta kewaye shi, haske kaɗai aka hana wa tsakiyarsa.

Gwajin yakan ƙi yi, kuma yadda ya ƙi yana nuna inda aka yi kuskure. Idan ganyen duka ya yi duhu har da inda aka rufe, to ko dai tsiron bai daɗe a duhu ba, tsohon sitaci yana nan, ko kuwa haske ya kutsa ta gefen takardar. Maganinsa shi ne a gwada wani ganye da aidin tun kafin a fitar da tsiron rana, kuma sai an ga bai canza launi ba sannan a ci gaba. Idan babu inda ya yi duhu, wataƙila hasken bai isa ba, ko tsiron yana cikin ƙishi, ko kuma an zaɓi irin tsiron da ba ya tara sitaci a ganye, kamar albasa. Idan kuma launin ya fito a cuɗe ba a iya tantancewa, ba a bar ganyen a etanol ya koɗe sosai ba, koren da ya rage ya lulluɓe sakamakon. Da ɗan sauyi, wannan gwaji yana amsa sauran tambayoyin. Ganye mai ratsin fari da kore yana yin duhu a koren wuri kawai, abin da ya nuna ana buƙatar kulorofil. Ganyen da aka kulle a kwalba tare da sinadarin sodiyam haidiroksaid, wanda yake shanye kabon dayoksaid, ba ya yin duhu ko da ya wuni a rana, kuma a ganina wannan shi ne mafi ƙarfin hujja cewa daga iska ake ƙera sitaci.

Mutum zai iya ɗauka cewa ƙarin rana kullum ƙarin sukari ne, amma ba haka abin yake ba. Da sassafe, lokacin da haske yake da rauni, shi ne yake taƙaita aikin, kuma duk ƙarin haske yana ƙara sauri. Idan rana ta ɗaga, a yawancin tsirrai akan kai matsayin da ƙarin haske ba ya ƙara komai, domin mataki na biyu ba ya samun kabon dayoksaid da saurin da zai bi na farko. Sannan ga matsalar ƙofofin nan. Duk sitomatar da ta buɗe don iska ta shiga, tururin ruwa ma yana fita ta cikinta, kuma fiye da kashi 95 cikin ɗari na ruwan da saiwa ta ɗauko ta nan yake tafiya, ɗan abin da ake tsagawa don yin sukari bai taka kara ya karya ba. A ranar zafi da fari, idan ganye ya fara rasa ruwa fiye da yadda saiwa take kawowa, sai ƙofofin su rufe. Ruwa ya tsira, amma kabon dayoksaid ya daina shiga, oksijin kuma ya taru a ciki. A wannan hali rubisko yakan yawaita kama oksijin a maimakon kabon dayoksaid, abin da yake sa tsiro ya kashe ƙarfi wajen gyara ɓarnar, har ya saki wani ɓangare na kabon da ya riga ya kama. Shi ya sa tsiron da ke cikin ƙishi yake daina girma ko da rana tana dukansa daga safe zuwa yamma.

A ƙarƙashin duk wannan, tsiro yana cin sukarinsa da oksijin dare da rana, kamar kowane mai rai, yana kuma fitar da kabon dayoksaid. Da rana fotosintesis ya fi wannan ci sauri nesa ba kusa ba, shi ya sa abin da ake gani a waje shi ne shigar kabon dayoksaid da fitar oksijin. Da dare cin ne kawai yake gudana. Tsiron da aka ajiye a lungu mai ƙarancin haske yana iya ƙera daidai abin da yake ci, ya tsaya ba girma ba mutuwa, kuma idan hasken ya gaza haka, zai riƙa warware sitacin da ya tara har ya ƙare, ganyayensa su yi rawaya su zube ɗaya bayan ɗaya, ko da ƙasar da ke cikin tukunyarsa tana da danshi da taki.